Goma, Ɗari, Dubu: Darasin Malamar Lissafi a Kan Awon Mita

Da tef ɗin tela a hannu malamar lissafi ta shiga aji biyar na firamare. Gefe ɗaya na tef ɗin inci ne, ɗaya gefen santimita. Ta ce, "Yara, atamfa yadi 7, inci nawa ke nan?"

Aji ya yi tsit. Sai da aka tuna cewa yadi ƙafa 3 ne, ƙafa kuma inci 12, aka ninka sau biyu, sannan 252 ya fito a allo. Da ta ce mita 7 fa, santimita nawa, kafin ta rufe baki an amsa mata: 700.

A kan wannan bambanci ta gina jawabinta. Tsohon awon Ingila kowane mataki da nasa adadi: 12, sai 3, sai yadi 1,760 a mil guda. Awon mita kuwa, wanda Faransa ta kafa da doka a 1795, goma-goma yake hawa, daidai da yadda ake rubuta lambobi. Shi ya sa sauya ma'auni bai wuce ƙara sifili ko matsar da ɗigo ba.

Sunayen ma suna faɗin adadinsu. Kilo na nufin dubu, santi kashi ɗaya cikin ɗari, mili kashi ɗaya cikin dubu. Wanda ya san kilomita mita 1,000 ce, ya riga ya san giram nawa ne a kilogiram. Ta rubuta kilomita 2.5, ta matsar da ɗigon gida uku zuwa dama, ya zama mita 2,500. Maganin tari mililita 250 kuma, da ɗigon ya koma gida uku hagu, ya zama lita 0.25.

Ta ce su tambayi kakanninsu yadda lissafin kuɗi yake kafin 1973, lokacin da sule 20 ke yin fam, kwabo 12 ke yin sule. Zuwan naira mai kwabo 100 a Najeriya irin wannan sauƙin ya kawo.

Daga nan ta ja musu kunne. Kuskuren da ta fi gani a takardunsu shi ne tura ɗigo inda bai kamata ba. "In ka sauko zuwa ƙaramin ma'auni, dole lambar ta ƙaru. Duk wanda ya samu tsayin ƙofa mita 200, ya san ya ɓata hanya, santimita 200 ne."

Agogo kuma ba ya cikin wannan tsari. Awa 1.5 minti 90 ne, ba 150 ba, domin awa minti 60 ce. Ta ba su aikin gida: kowa ya auna tsawon tabarmarsa da santimita, ya mayar da shi mita.