Yadda ffmpeg Ke Faɗaɗa Tsohon Bidiyo

Finafinan Hausa da dama na shekarun 2000 a faifan bidiyo na sidi suka shiga gidaje. Hoton irin wannan faifai ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Mai son ya kai shi 1440 da 1080 don talabijin na zamani yana neman ɗigo kusan ninki 15 na abin da ke cikin faifan. Kyamara ba ta taɓa ɗaukar waɗannan ƙarin ɗigon ba, lissafi ne zai cike gurbinsu.

A nan ffmpeg ke shigowa, manhajar kyauta da Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000. Matatarta mai suna `scale` na da hanyoyin lissafi da dama, kuma idan ba a zaɓa mata ba, `bicubic` take ɗauka.

Bambancinsu yana ga yawan maƙwabtan ɗigon da kowacce ke dubawa kafin ta ƙago sabo. `neighbor` tana kwafe ɗigo mafi kusa ne kawai, shi ya sa fuskar jarumi ke fitowa murabba'i-murabba'i. `bilinear` tana gauraya na kusa, ga sauri, amma hoton kan yi dishi-dishi. `lanczos` kuwa tana leƙawa nesa, sai gefen kaya da rubutu su fito tas:

```
ffmpeg -i AVSEQ01.DAT -vf "scale=1440:1080:flags=lanczos,setsar=1" -crf 18 fim.mp4
```

Kada a raina faɗin 1440 da `setsar=1` ɗin nan. Ɗigon faifan sidi ya ɗan fi faɗi bisa tsayi, don haka idan aka bar ffmpeg ya lissafa faɗin da kansa, 1320 zai bayar. Na'urar da ba ta kula da alamar siffar ɗigo sai ta nuna mutane a matse, sun yi siriri.

Mutane da yawa kan ruga wa `lanczos` don sun ji an ce ita ce gwana, alhali tana da nata aibin. Inda fari ya haɗu da baƙi, kamar farar hula a jikin bango mai duhu ko sunayen 'yan wasa a farkon fim, takan bar wani siririn haske yana kewaye da gefen. Abin da ya fi damuwa, ba ta bambance ainihin hoto da tabon da matsewar faifan ta bari, duka take kaifafawa. Ga tsohon faifai mai tabo, `bicubic` ta fi rufa asiri, musamman idan aka sa `hqdn3d` kafin `scale` don ta rage hatsi-hatsin hoton tukuna.

Hanyar tantancewa ba ta da wuya. A ƙara `-ss 60 -t 10` kafin `-i` don a yanko daƙiƙa 10 kacal, a gwada kowace hanya, sannan a tsayar da hoton inda akwai rubutu ko gefen mayafi. Idan haske ya kewaye harufa, a koma `bicubic`.