Ɗigon da Ya Ɓace a Hoton Jinga

Wata ɗalibata 'yar aji biyar ta taɓa yin kuka saboda ɗigo ɗaya. An ba ta lissafi, 2.5 × 4, ta rubuta 10, kuma daidai ta yi. Amma a hoton da mahaifinta ya turo mini da daddare, 25 × 4 na gani, sai na soke amsar. Ashe ya buɗe littafin ne ya ɗauki shafi biyu a hoto ɗaya, ga fitilar waya a kunne, ƙyallinta ya sauka daidai kan ɗigon da aka yi da fensir ya haɗiye shi. Washegari da ta kawo littafin na ga ɗigon nan da idona, na ba ta haƙuri. Daren nan na zauna na rubuta wa iyayen yaran da nake yi wa lesin takarda, wadda har yau nake tura wa duk wanda ya kawo mini sabon ɗalibi.

Ga yadda na fara: "Assalamu alaikum iyayen yara. Don Allah idan za ku turo jinga, ku ɗauki shafi ɗaya a hoto ɗaya, ko da shafukan sun kai shida." Wasu suna ganin ɓarnar data ce. Dalilin kuwa shi ne, WhatsApp yana matse hoto kafin ya aika, don ya rage masa nauyi. Manyan haruffa suna tsira, amma ɗigo, alamar ɗebewa, da ƙaramin 2 da ke saman x su ne farkon tafiya. In an cusa shafi biyu, kowane harafi ya ƙara ƙanƙancewa tun kafin a matse shi. Darasin Hausa ma bai tsira ba: lanƙwasar ƙ kaɗai ta raba "ƙafa" da "kafa", kuma ita ce abin da malami yake son dubawa.

Sai maganar haske, wadda ta fi cin wuri a takardar. Na roƙe su su ɗauka da rana, kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, kada rana ta doki takardar kai tsaye, domin farar takarda tana kashe ido a hoto kamar yadda take yi a fili. Filasha kuwa a kashe ta. Rubutun fensir yana da sheƙi, yana mayar da haske, shi ya sa wurin da aka haska yake fitowa fari fat. In dare ya yi kuma an ɗauke wuta, wani ya riƙe tocila daga gefe, nesa kaɗan, ta yadda hasken zai bazu a kan shafin duka. Haske daga gefe yana da wani amfanin: inuwar wayar da ta hannun mai ɗauka ba za su faɗa kan rubutun ba.

A shimfiɗa littafin a kan tebur ko tabarma, kada a ɗora a cinya. A danne shi da yatsa a gefe, musamman wajen ɗinkin tsakiya inda takarda take lanƙwashewa, don a nan ƙarshen layi ko lambar tambaya suke ɓuya. Wayar ta tsaya sambal a saman shafin, kamar murfi a kan tukunya. In an karkata ta, layukan kusa za su fito raɗau, na nesa su yi dishi-dishi. Kusurwa huɗu na shafin duka su shiga hoton. Kafin a ɗauka, a goge gilashin kyamarar da gefen riga, saboda maiƙon hannu da ƙurar hunturu, sannan a taɓa tsakiyar rubutun a fuskar wayar, a jira ya washe.

Wajen aikawa, a danna HD idan akwai, ko a tura hoton ta Document, wanda yake zuwa ba tare da an matse shi ba. In tambayoyin suna wata takarda daban, ita ma a ɗauke ta, domin ba zan iya duba amsa ban ga tambaya ba.

Layin ƙarshe na takardar shi ne wanda na fi so a kiyaye: "Kafin ku turo, ku buɗe hoton, ku ja shi da yatsu biyu ya girma, ku karanta layin ƙarshe na shafin da mafi ƙanƙantar lamba. In kun yi tantama ko 1 ce ko 7, ni ma zan yi, sai ku sake ɗauka." Mahaifin yarinyar nan yanzu da safe yake ɗauka, a bakin ƙofar falo, kafin ya fita kasuwa.