Kafin ka sayi kuba, auna kaurin ƙyaurenka

Yawancinmu sai mun sayo kuba daga kasuwa sannan mu kira kafinta. Kamata ya yi a fara da awo, domin kaurin ƙyauren ne zai nuna kubar da ta dace da ƙofar waje ta katako.

Kuba iri biyu ce. Akwai ta binnewa, wadda kafinta ke fafe mata rami a gefen ƙyaure ya cusa ta ciki, harshenta kuma ya shige cikin firam. Akwai ta ɗorawa, wadda ake ɗaurewa da sukuru a bayan ƙyaure, ta cikin gida, harshenta ya shiga wani ɗan akwatin ƙarfe da aka ɗaure a jikin firam.

Ta binnewa ta fi ƙarfi, amma da sharaɗi: tana cin katako. A ce ramin da za a fafe faɗinsa milimita 16 ne. Idan kaurin ƙyauren milimita 44 ne, kusan inci ɗaya da kwata uku, za a bar milimita 14 a kowane ɓangare, kuma wannan zai riƙe. Idan kuwa milimita 35 ne, abin da zai rage bai kai milimita 10 ba a kowane ɓangare. Duka ɗaya da ƙafa, katakon zai tsage, kubar ta fito lafiya lau, ƙofa kuma a buɗe. Haka nan kada a fafe ramin daidai mahaɗar katakon tsaye da na kwance, domin nan ne ƙarfin ƙyauren yake.

Ta ɗorawa ba ta rage wa ƙyaure ƙarfi, shi ya sa ta dace da siriri. Rauninta yana wajen sukuru. Idan gajeru ne, ɓarawo na bangaje ƙofa akwatin zai tsinke daga firam. Maganinsa dogayen sukuru masu shiga can cikin katako, da ƙarin sakata sama da ƙasa.

Sai batun yanayi. Katako yakan kumbura da damina, ya motse da hunturu, har harshen kuba ya daina dacewa da raminsa. Alamarsa ita ce sai ka ɗaga ƙyaure ko ka danna shi kafin mabuɗi ya juya. A ta ɗorawa, kwance akwatin a matsar da shi ya isa. A ta binnewa, sai an sake fafe firam. Kada ka tilasta wa mabuɗi, zai karye a ciki.

Saboda haka, idan ƙyaurenka ya kai milimita 44 kuma katakon gangariya ne, sa ta binnewa, mai harshen da ke fitowa aƙalla milimita 20. Idan bai kai ba, sa ta ɗorawa ka haɗa da sakata. Ɗauki abin awo tukuna, sannan ka nufi kasuwa.