Takarda Ta Yi Nauyi, Ko Rubutu Ya Dushe: Yadda Ake Sikanin Takardun Neman Gurbi

Duk wanda ya taɓa zama a kafe a makon da ake rufe shafin neman aiki ko gurbin karatu ya san wannan yanayi. Mai nema ya cike suna, ya cike ranar haihuwa, ya biya kuɗi, saura ɗora takardu. Ya danna, sai jan rubutu ya fito: `File too large`. Mai kafe ya karɓi linzamin kwamfuta, ya matse fayil ɗin har ya shige, kowa ya yi ajiyar zuciya. Bayan makonni sai saƙo ya zo cewa ba a iya karanta takardar ba.

Abin da ya faru shi ne takardar tana da masu gadi biyu. Na farko na'ura ce, wadda ba ruwanta da abin da aka rubuta; nauyin fayil da nau'insa kawai take dubawa. Na biyu jami'i ne da zai buɗe hoton a allonsa, ya nemi suna, lamba, kwanan wata, hatimi da sa hannu. Na'ura tana son fayil marar nauyi, jami'i yana son rubutu tangaram. Gwanintar sikanin ita ce a gamsar da su biyun a fayil guda.

Sikana tana yanka takarda ne zuwa ƙananan ɗigogi, ta adana launin kowane ɗigo. Lambar da ake gani a manhajarta da sunan dpi tana nufin yawan ɗigogin da ke cikin tsawon inci ɗaya. Takardar A4, wadda yawancin wasiƙu da takardun ofis ke zuwa a kanta, faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. Idan aka ɗauke ta a 300 dpi, za a sami ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato kusan miliyan 8.7. A 600 dpi kuwa adadin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu yake yi, ya kusa miliyan 35, domin faɗi da tsawo duk sun ninka. Shi ya sa mai kafen da ya zaɓi lamba mafi girma don ya kyauta wa abokin ciniki yake ƙarewa da fayil ɗin da babu shafin da zai karɓa.

Haka lissafin yake idan aka gangaro ƙasa, sai dai a nan rubutu ne ke biyan bashin. A ɗauki lambar jarrabawa da aka buga da ƙananan haruffa masu tsayin milimita 2. A 300 dpi kowane harafi yana samun ɗigo kusan 24 daga sama zuwa ƙasa. A 200 dpi yana samun 16, har yanzu a bayyane yake. A 100 dpi saura 8, a 72 dpi kuwa bai kai 6 ba. Da ɗigo shida ba a bambance 8 da 3, ko 6 da 0, ko B da 8. Babban sunan makaranta da ke saman takardar zai ci gaba da karantuwa, shi ke yaudarar ido, amma lambar da jami'i zai yi amfani da ita wajen tantancewa ta riga ta mutu. Don haka ake ɗaukar 300 dpi a matsayin ma'aunin ɗauka, 200 a matsayin wurin da ake sauka idan wuri ya yi ƙunci, 150 kuma iyakar ƙarshe ga takarda mai manyan haruffa.

Sai batun launi. Yawancin sikanoni suna ba da zaɓi uku: `Color`, `Grayscale` da `Black & White`. Kafin a matse, shafin A4 mai launi a 300 dpi yana kai wajen 26 MB, mai ruwan toka kashi ɗaya cikin uku na wannan, baƙi da fari zalla kuwa kaɗan ya ɗara 1 MB. Wannan sauƙin ne ke jan mutane zuwa zaɓi na uku, kuma shi ne mafi haɗari. A baƙi da fari zalla babu tsaka-tsaki: kowane ɗigo ko dai ya zama baƙi ƙirin ko fari fat. Hatimin shuɗin tawada da ya ɗan kwana biyu sai ya ɓace. Hoton fuskar da ke jikin takarda ya koma dunƙulen gawayi. Zanen tsaro na bayan satifiket ko dai ya goge gaba ɗaya ko ya yi duhu ya haɗiye rubutun. Kuma takardar asali ta koma kama da fotokwafi, alhali wurare da yawa hoton ta asalin suke nema.

Saboda haka fasfo, katin shaida, satifiket ɗin WAEC ko NECO, takardar kammala hidimar ƙasa da takardar shaidar ƙaramar hukuma duk da launi ake ɗaukarsu. Ruwan toka ya dace da takardar da buga ce zalla, kamar wasiƙar neman aiki. Manhajojin sikanin na waya ma suna da irin wannan tarko: wasu suna wanke bayan takarda ya yi fari don ta yi kyau, su tafi da hatimi a cikin wankin. A duba zaɓin da ke barin launi yadda yake.

Ga misali daga farko har ƙarshe. Wata ɗaliba tana neman tallafin karatu, shafin ya ce satifiket ya kasance JPEG ko PDF, kada ya wuce 500 KB. An yi mata sikanin a 600 dpi mai launi, fayil ya fito da megabait da yawa. Kuskuren da aka saba yi shi ne a yi ta matse wannan fayil, a adana, a duba, a sake matsewa. JPEG yana rage nauyi ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na bayanin hoton, kuma abin da ya zubar ba ya dawowa. Kowace sabuwar adanawa tana ƙara ɓarna a kan ta baya. Alamarta ita ce ƙura-ƙura da ke kewaye haruffa, da ƙananan murabba'ai da ke bayyana a wuraren da ya kamata launi ya zama sumul.

Hanyar da ta fi ita ce ta goge gilashin sikana, ta daidaita takardar da gefensa, ta sake ɗauka a 300 dpi, ta ajiye wannan a matsayin uwa wadda ba a taɓawa. Daga kwafinta take aiki. Da farko ta yanke duk abin da ba takarda ba ne, amma ta bar kusurwoyi huɗu a bayyane, domin takardar da aka datse gefenta tana sa a yi zargin an ɓoye wani abu. Sannan ta rage girman zuwa ɗigo 1654 a 2339, wanda shi ne 200 dpi. Wannan kaɗai ya zubar da fiye da rabin ɗigogin. A ƙarshe ta adana a JPEG sau ɗaya, ingancin yana tsakanin 70 da 80 cikin ɗari. Galibi shafi guda yakan sauka zuwa 'yan ɗaruruwan kilobait. Idan ya fito 560 KB, ba wannan fayil za ta sake matsewa ba. Uwar za ta koma, ta ɗan rage lambar inganci. Ba ta kuma da dalilin sauka zuwa 80 KB alhali an ba ta 500. Duk abin da ta bari a cikin wannan iyaka, ga rubutun yake tafiya.

Takarda mai shafuka da yawa lissafin rabo ce. Idan sakamakon jami'a shafi huɗu ne, aka ce PDF guda kada ya wuce 1 MB, kowane shafi yana da kusan 250 KB. Sai a shirya shafukan ɗaya bayan ɗaya, a haɗa su a jere, kowanne kansa a sama.

Wanda ba shi da sikana, wayarsa ta isa. Kyamara mai megafiksel 12 tana ɗaukar ɗigo kusan 4000 a 3000, kuma idan A4 ta cika allon, hakan ya haura 300 dpi. Idan kuwa aka tsaya daga nesa, takardar ta ci rabin tsawon hoton, sauran duk tabarma da zanen gado, an koma wajen 170. Matsalar waya ba ƙarancin ɗigo ba ce, haske ne da rawar hannu. A shimfiɗa takardar a kan abu mai duhu kusa da taga ko a inuwar baranda da rana, a kashe filasha, a riƙe wayar daidai saman takardar ba a karkace ba, a taɓa rubutun a allo don kyamara ta kama shi. Takardar da aka lulluɓe da leda ita ce mai wuyar sha'ani, domin ƙwan lantarki yana barin farin tabo a kanta, sau da yawa daidai kan suna. Hatimi mai tudu, wanda ba shi da tawada, yana fitowa ne idan haske ya zo daga gefe. Manhajar Google Drive da ta Notes a iPhone duk suna da sashen sikanin da ke miƙar da gefuna.

Akwai ɓarnar da ke faruwa a hanya. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar tana rage shi kafin ya isa. Sai an tura shi ta `Document` yake zuwa yadda yake. Wayoyin iPhone kuma sukan adana hoto a nau'in HEIC, wanda shafuka da yawa ba sa karɓa, kuma sauya ƙarshen sunan zuwa `.jpg` ba ya sauya abin da ke ciki. Dole a juya shi da manhaja.

Hoton fuska yana da nasa dokoki, kuma na bizar Amurka ya nuna yadda lissafin ke haɗuwa. Ana son JPEG mai launi, murabba'i, daga ɗigo 600 a 600 zuwa 1200 a 1200, kada ya wuce 240 KB. Wanda zai yi sikanin hoton da aka wanke mai inci 2 a 2, an ce ya yi a 300 dpi, domin biyu sau ɗari uku shi ne ɗari shidan da ake nema. A shafin bayanai na fasfo kuwa, layuka biyun nan na ƙasa masu haruffa 44 kowanne dole su fito cikakku, ba yatsa a kansu, ba a datse ko harafi ɗaya ba.

Kafin ɗalibar ta danna maɓallin aikawa, takan buɗe ainihin fayil ɗin da za ta ɗora a kwamfuta, ba ƙaramin hoton da ke jikin sunansa ba. Ta faɗaɗa shi, ta nemi rubutu mafi ƙanƙanta, ta sa wanda bai san lambar ba ya karanto mata ita tana bin takardar asali da ido. Idan ya yi tuntuɓe a harafi ɗaya, ta koma wurin uwa. Idan ya wuce, ta sa wa fayil ɗin gajeren suna marar alamomi, ta ɗora, ta sake buɗe shi daga cikin shafin don ta tabbata ba takardar haihuwa ta saka a gurbin satifiket ba. Sannan ta kwashe uwar zuwa wayarta ko imel ɗinta, ta tsaya a kan mai kafe har ya goge kwafin daga kwamfutarsa da kwandon sharar da ke cikinta.