Haɓaka Amfilitud a Bincike Cikin Tari Mara Tsari: Iyakar Saurinsa da Yawan Zagayen da Ya Kamata

1. Gabatarwa

A wannan takarda za mu duba dabarar da Lov Grover ya fito da ita a shekarar 1996 don neman abu guda a cikin tari mara tsari ta amfani da kwamfutar kwantam, wadda daga baya Brassard da abokan aikinsa suka faɗaɗa ta suka kira ta haɓaka amfilitud. Tambayoyi biyu ne a gabanmu: zagaye nawa ya kamata a yi, kuma me ya sa saurin bai wuce √N ba. Za mu nuna cewa amsoshin biyu daga tushe ɗaya suka fito.

Ga yadda matsalar take. Akwai abubuwa N, kuma akwai wani akwatin tambaya wanda in an miƙa masa lambar abu zai ce "shi ne" ko "ba shi ba ne". Ban da wannan ba mu san kome game da tarin ba. Kwamfuta ta yau da kullum sai dai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, a matsakaici ta yi tambaya kusan N/2 kafin ta dace.

2. Yadda zagaye ɗaya yake

A kwamfutar kwantam kowane abu yana da wata lamba da ake kira amfilitud, wadda in an ninka girmanta da kansa ake samun yiwuwar ganin wannan abu a lokacin awo. Lambar tana iya zama mai alamar ɗebewa, kuma a kan wannan ne dabarar duka ta dogara. Ana farawa da ba kowane abu amfilitud iri ɗaya, wato 1/√N. Sa'an nan kowane zagaye yana da matakai biyu. Da farko akwatin tambaya zai juya alamar amfilitud ɗin abin da ake nema. Na biyu, a ɗauki matsakaicin dukkan lambobin, mu kira shi m, a mai da kowace lamba a ta zama 2m − a.

Mu gwada da N = 4. Kowane abu yana da 1/2. Bayan matakin farko abin da ake nema ya zama −1/2, sauran ukun suna nan a 1/2, matsakaici kuwa ya zama 1/4. A mataki na biyu abin da ake nema zai zama 1/2 + 1/2 = 1, sauran kuma 1/2 − 1/2 = 0. Da tambaya ɗaya tak an sami amsa babu shakka.

3. Zagaye nawa?

Idan N ta yi yawa, ya fi sauƙi a kalli halin na'urar kamar kibiya a kan allo. Layin kwance yana wakiltar abubuwan da ba a so, layin tsaye kuma waɗanda ake so. Idan abubuwan da ake so guda M ne, kibiyar tana farawa da ɗan tashi daga layin kwance da kusurwa θ, inda sin θ = √(M/N). Matakan nan biyu kowannensu juyi ne irin na madubi, kuma sananne ne a ilmin siffofi cewa irin wannan juyi sau biyu daidai yake da karkata kibiya. A nan karkatar ita ce 2θ a kowane zagaye. Saboda haka bayan zagaye k yiwuwar dacewa ita ce:

P = sin²((2k + 1)θ)

Abin da ake so shi ne kibiyar ta miƙe tsaye, wato (2k + 1)θ ta kusanci digiri 90. Wannan ya ba da k kusan (π/4)√(N/M). A misalinmu na N = 4, θ digiri 30 ce, zagaye ɗaya ya kai ta 90 cif.

Mu ɗauki N = 1024, wato kubit 10, da M = 1. A nan θ kusan digiri 1.79 ce. Zagaye 12 zai kai kibiya kusan digiri 45, yiwuwar dacewa ta zama kusan rabi. Zagaye 25 zai kai ta digiri 91.3, yiwuwa ta haura 0.999, alhali kwamfuta ta yau da kullum tana bukatar tambaya wajen 512. To amma kibiyar ba ta tsayawa don ta isa inda ake so. In aka ci gaba har zagaye 50, za ta kai kusan digiri 181, yiwuwa ta faɗo zuwa 0.0002, wanda bai kai ko ta mai zaɓe da ka ba, wato 1/1024. A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin sun saba da hanyoyin lissafi waɗanda ƙarin maimaici ke ƙara musu kyau.

Haɗarin ya fi fitowa fili idan ba a san M ba. A ce mun zaci abu ɗaya ake nema cikin 1024, ashe huɗu ne. Yanzu θ ta ninka zuwa digiri 3.58, zagaye 12 ne ya dace. Wanda ya yi 25 zai sami yiwuwa kusan 0.002 kacal, har ya ɗauka babu amsa a tarin, alhali amsoshi huɗu ne. Maganin da Boyer, Brassard, Høyer da Tapp suka bayar a 1998 shi ne a zaɓi k da ka a ƙasa da wata iyaka, a auna, a tabbatar da sakamakon da tambaya ɗaya. In ba a dace ba a ninka iyakar da 6/5 a sake. Jimlar aikin a matsakaici ba ta fita daga matakin √(N/M) ba.

4. Me ya sa ba a wuce √N ba?

A farkon aiki kowane zagaye yana ƙara wa amfilitud ɗin abin da ake nema kusan 2/√N. Amfilitud na ƙaruwa daidai da k, yiwuwa kuwa daidai da k². Riba ke nan duka: inda tsohuwar hanya ke ba da k/N, wannan tana ba da kusan 4k²/N.

Mai karatu na iya cewa wataƙila wata dabara ta fi ta Grover. Bennett, Bernstein, Brassard da Vazirani sun rufe wannan ƙofa a aikinsu da aka buga a 1997, kuma hujjarsu, a ganinmu, ta fi dabarar kanta cancantar a koyar da ita a aji. A ɗauki kowace dabara mai tambaya T, a gudanar da ita a kan tarin da babu amsa cikinsa. A kowace tambaya na'urar tana raba nauyi guda, wato jimlar yiwuwa, tsakanin abubuwa N. Jimlar nauyi a tambayoyin duka T ce, don haka dole a sami wani abu x wanda rabonsa bai wuce T/N ba. Yanzu a mai da x ya zama amsa a sake gudanarwa. Canjin da kowace tambaya za ta kawo bai wuce ninki biyu na amfilitud ɗin x a lokacin ba, kuma ƙa'idar Cauchy da Schwarz ta nuna cewa jimlar canjin ba ta wuce 2T/√N ba. Idan T ta gaza √N sosai, halin na'urar a ƙarshe kusan ɗaya ne ko da amsa ko babu, awo kuwa ba zai iya bambance su ba. A 1999 Zalka ya ƙara nuna cewa ko adadin π/4 ɗin ba a iya rage shi.

Sai dai a lura da sharaɗin hujjar: ta shafi akwatin da ba a iya leƙa cikinsa. Inda matsala take da tsari, kamar rarraba lamba zuwa lambobin da aka ninka aka same ta, dabarar Shor ta 1994 tana amfani da wannan tsari ta sami saurin da ya zarce wannan nesa. Haka kuma lissafinmu tambayoyi kawai ya ƙirga. In tarin jerin sunaye ne da ke rubuce, shigar da shi cikin na'ura kaɗai zai ci aiki daidai da N, ribar ta salwanta. Dabarar ta fi dacewa da inda akwatin tambaya ɗan gajeren lissafi ne, kamar gwada mabuɗin sirri: mabuɗi mai bit 128 zai bukaci zagaye a matakin 2⁶⁴ maimakon 2¹²⁸, kuma dole a yi su a jere, domin raba aikin ga na'urori p yana rage lokaci da √p ne kawai.