Zanen keɓe na tsanin da aka jingina a bango, tare da gogayya a kai da gindi

1. Gabatarwa

A Madarunfa, kamar sauran garuruwan jihar Maraɗi, kafin damina ta faɗi magina sukan jingina tsanin itace a bangon ƙasa domin yaɓe da gyaran indararo. Littattafan koyarwa da yawa suna ɗaukar cewa bango sumul yake, ba ya riƙe tsani ko kaɗan. Bangon ƙasa kuwa yana da kaushi, saboda haka akwai gogayya a kan tsanin kamar yadda take a gindinsa. A cikin wannan takarda za mu nuna yadda ake yin zanen keɓe na irin wannan tsani, wato zanen da ake ware tsanin shi kaɗai a nuna duk ƙarfin da ke aiki a kansa. Za mu kuma nuna abin da zanen yake iya amsawa da abin da ba ya iyawa.

2. Matakan zane

Da farko a zana tsanin a matsayin layi guda mai tsawo L, wanda ya yi kusurwa θ da ƙasa. Gindinsa shi ne A, kansa shi ne B. Kada a zana bango ko ƙasa, domin kibiyoyi ne za su maye gurbinsu.

Na biyu a sa nauyi. Nauyin tsanin, P, yana a tsakiyarsa, yana kallon ƙasa. Nauyin magini da kayansa, Q, yana a nisan x daga A, idan an auna bisa tsawon tsanin.

Na uku a sa ƙarfin tokara, wanda kullum yake a miƙe da fuskar abin da aka taɓa. A A, ƙasa tana tura tsanin sama da ƙarfi N1. A B, bango yana ture shi a kwance da ƙarfi N2.

Na huɗu a sa gogayya. A nan ɗalibai suka fi yin kuskure, kuma tambaya ɗaya ce take warware shi: in tsanin zai zame, ina kowane ɓangare zai nufa? Gindin zai guje wa bango, don haka F1 tana kallon bango. Kan tsanin zai sauka, don haka F2 tana kallon sama.

3. Huɗu da ba a sani ba, daidaito uku

Tsayuwar tsanin tana ba mu daidaito uku: na kwance, na tsaye, da na juyi a kewayen A.

```
F1 = N2
N1 + F2 = P + Q
(P·L/2 + Q·x)·cos θ = N2·L·sin θ + F2·L·cos θ
```

Abubuwan da ba a sani ba huɗu ne: N1, N2, F1, F2. Dokar gogayya da Amontons ya bayyana a 1699, Coulomb ya faɗaɗa ta a 1785, ba ta cike wannan giɓi, domin ga abin da yake tsaye iyaka kawai take bayarwa: F ≤ μN. Ba a rubuta F = μN sai lokacin da zamewa take gab da faruwa.

Bari mu ga haka da adadi. A ɗauka L = 4 m, θ = 60°, P = 150 N, Q = 700 N. A ɗauka kuma ma'aunin gogayya μ1 = 0,4 a gindi, μ2 = 0,5 a bango. Waɗannan biyun zaɓi ne domin lissafi. Wanda yake son na bangonsa sai ya auna. Idan magini yana tsakiyar tsani, x = 2 m, daidaito na uku ya zama 850 = 3,46·N2 + 2·F2. In aka ce F2 = 0, sai a samu N2 = 245 N da N1 = 850 N. In aka ce F2 ta kai iyakarta, sai a samu N2 = 190 N, F2 = 95 N, N1 = 755 N. Amsoshin biyu duk sun cika sharuɗɗa, domin F1/N1 ya zama 0,29 a ta farko da 0,25 a ta biyu, duka ƙasa da 0,4. Duk wata amsa da ke tsakaninsu ma ta halatta. Wadda ke faruwa a zahiri ta danganta da lanƙwasar itacen da kuma yadda aka ajiye tsanin tun farko, abubuwan da zanen keɓe ba ya ɗauke da su. Saboda haka malamin da ya tambayi ɗalibai ƙimar F2 a wannan hali ya ba su tambayar da ba ta da amsa guda.

4. Tambayar da take da amsa

Tambayar da ta dace ita ce: har ina magini zai hau kafin tsanin ya zame? Tsanin ba ya lanƙwashewa, don haka gindinsa ba zai ja baya ba sai kansa ya sauka tare da shi. A wannan gaɓa ne kaɗai F1 = μ1·N1 da F2 = μ2·N2 suke aiki lokaci guda. Daga daidaito biyu na farko:

```
N1 = (P + Q)/(1 + μ1·μ2) = 850/1,2 = 708 N
N2 = F1 = 283 N
F2 = 142 N
```

Idan aka sa waɗannan a daidaito na uku, ɓangaren dama ya zama 981 + 283, wato kusan 1265. A raba da cos 60°, a cire 300 na nauyin tsani, a raba da 700, sai a samu x ≈ 3,2 m. Magini ba zai kai matakin ƙarshe ba.

Yanzu a gwada wace gogayya ce ta fi tasiri. In aka ɗauki bango sumul, μ2 = 0, x ya sauka zuwa 2,9 m. Ke nan duk kaushin bango kusan santimita 25 kawai ya ƙara. In kuwa aka bar μ2 = 0,5 aka rage μ1 zuwa 0,3, kamar yadda zai iya faruwa a daɓen siminti da yashi ya barbazu a kansa, x ya sauka zuwa 2,4 m, hasarar kusan santimita 80. Rayuwar mai hawa a gindin tsani take, shi ya sa magina suke sa yaro ya take gindin ko su tokare shi da dutse. Idan aka miƙe tsanin zuwa 75°, wato a janye gindin kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin da kan ya kai, lissafi yana ba da x fiye da 6 m, wanda ya wuce tsawon tsanin. A wannan kusurwa ba zai zame ba ko an hau har ƙarshe.

5. Inda zanen yake canzawa

Hali biyu suna buƙatar sabon zane. Na farko, idan tsanin ya zarce rawanin soro ya kwanta a gefensa, ƙarfin tokara yana a miƙe da tsanin ne, gogayya kuma tana bin tsawonsa. Daidaiton F1 = N2 ya daina aiki. Na biyu, idan ƙafafun tsanin sun nutse cikin rairayi ko laka, kamar a unguwannin da ke kusa da tafkin Madarunfa, ƙasa tana tokare su ta gefe, kuma μ1 ba ya bayyana abin da ke riƙe su.

6. Duba aikin ɗalibi

Alamu uku suna saurin tona kuskure. Idan N1 ya fito daidai da P + Q alhali an ce bango yana da gogayya kuma ana gab da zamewa, an manta da F2. Idan N1 ya fi P + Q a wannan hali, an juya kibiyar F2 ƙasa. Idan kuma ɗalibi ya sa F = μN a duka ɓangarorin ga magini da ke tsakiyar tsani, daidaito na uku ba zai tashi daidai ba: ɓangaren hagu 850, na dama 1265. Wannan bambanci shi ne shaidar cewa tsanin bai kai ga zamewa ba tukuna.