Kada ki ɗora hoton 'yar wani a manhajar zane kafin ki tambayi iyayenta

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kamfanin OpenAI ya ƙara wa ChatGPT ƙwarewar zana hoto, aka shiga yayin mayar da hotunan mutane katun irin na kamfanin fina-finan Japan mai suna Studio Ghibli. Shugaban OpenAI, Sam Altman, ya ce a cikin awa guda kawai sun samu sababbin masu amfani miliyan ɗaya. Yayin ya iso mu, kuma bai tsaya a kan hoton mai waya ba. Jaririn da aka raɗa wa suna jiya, 'yan ajin da suka yi sauka, ƙawayen amarya ranar kamu, duk ana zuba su cikin manhaja a fito da su da manyan idanu da kumatu sumul, a ɗora a sitatus. Yawancin masu yin haka ƙauna ce ke sa su, shi ya sa ma abin yake da wuyar tsawatarwa. To amma dole a faɗa tun kafin ɓarnar ta yi nisa: zanen ba ya ɓoye yaro, kuma kafin a samu zanen, sai an miƙa ainihin hotonsa ga baƙon da iyayensa ba su san da shi ba.

Bari mu bi misali guda daki-daki. A ce wata malama ce a makarantar Islamiyya, ranar walimar sauka. Ta jera ɗalibanta mata, kowacce riƙe da allonta mai zayyana, ta ɗauke su hoto a gaban kyallen da aka rubuta sunan makarantar da unguwar da take. Da daddare ta buɗe manhaja, ta zaɓi hoton, ta ce a mayar da shi zane. Ita a ganinta a cikin wayarta aikin ya gudana. Ba haka ba ne. Irin wannan zane yana buƙatar manyan kwamfutoci, don haka kusan duk manhajojin sai sun tura hoton zuwa na'urorin kamfaninsu, galibi a wata ƙasa, can a sarrafa shi a dawo mata da sakamako. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki kashe data ki gwada. In manhajar ta ƙi aiki, to alama ce hoton fita yake yi daga wayarki.

Abin da ya fita kuwa ya fi abin da ta gani. Fuskokin yaran sun tafi tas, da tsarin bakinsu, da tabo, da wushirya. Kayan makaranta sun tafi, da rubutun kyallen. In wayar tana haɗa hotuna da bayanin wuri, to a jikin fayil ɗin akwai ranar da aka ɗauka da sa'a, da daidai inda aka tsaya, kuma wannan bayani kan iya bin hoton idan asalin fayil ɗin aka ɗora. Me kamfanin zai yi da su? Amsar tana cikin doguwar yarjejeniyar nan da kowa ke dannawa bai karanta ba. A 2019, da manhajar FaceApp ta cika duniya da hotunan tsufa, sai masu bin diddigi suka gano cewa sharuɗɗanta sun bai wa kamfanin izini na har abada, wanda ba a iya janyewa, na amfani da hotunan mutane ba tare da biyansu ko sisi ba. Kamfanin ya ce yakan goge yawancin hotunan cikin awa 48. Wataƙila gaskiya ya faɗa, amma mai hoto ba shi da hanyar tabbatarwa. Babba da ya yarda da wannan a kan fuskarsa, ruwansa. Malamar nan kuwa ta sa hannu ne a madadin iyayen da ba su wakilta ta ba.

Sai kuma zanen da ya dawo. Mutane kan ce ai katun ne, wa zai gane su? Duk wanda ya san yarinyar zai gane ta, domin daɗin abin kenan tun farko; da zanen bai yi kama da ita ba, da malamar ba ta ɗora shi ba. Ga kuma ɗabi'ar da ke ƙarasa tona asiri: ana jera hoton asali kusa da zanen don a nuna gwanintar manhajar, ko wani ya ce "ina na ainihin?" a tura masa, a ƙara da rubuta sunayen yaran da na mahaifansu don taya murna. Sitatus yana gushewa bayan awa 24, amma wanda ya kwafe shi daga fuskar wayarsa ya samu na dindindin. Hoto zarar bunu ne, in ya fita ba ya komawa.

A cikin yaran nan, malamar ba ta san halin kowane gida ba. Wata uwarta ta fita daga aure da rigima, ana shari'ar riƙo, ba a son dangin uba su san makarantar da take. Wata mahaifinta ɗan kasuwa ne da ya daina sa hoton iyalinsa ko'ina saboda masu garkuwa da mutane, kuma a ƙasar da aka sha kwashe ɗalibai daga makarantunsu, ba wanda zai kira wannan tsoro wauta. Wata gidansu ba su yarda da yaɗa hoton 'ya mace ba sam, balle a mayar da ita zane. Nan ma akwai wani abin takaici: manhaja ba kwafe hoto take yi ba, sabo take ƙirƙira bisa abin da ta saba gani. Tana iya zame hijabi ta fito da gashi, ta matse riga, ta haskaka fata, ta ƙara wa 'yar shekara goma siffar budurwa. An ga haka ƙarara a ƙarshen 2022 da manhajar Lensa. 'Yar jarida Melissa Heikkilä ta mujallar MIT Technology Review ta saka hotunanta na mutunci, sai ga shi cikin zane 100 da aka dawo mata da su, 16 babu riga, wasu 14 kuma cikin tufafin da ba su rufe komai ba. Wata mai bincike, Olivia Snow, ta gwada da hotunanta na ƙuruciya, ta rubuta a mujallar Wired cewa ko su ba su tsira daga wannan ba.

Mafi muni shi ne abin da mugun mutum zai yi da hoton asali in ya shiga hannunsa. A Satumban 2023, a wani ƙaramin gari na ƙasar Sifen mai suna Almendralejo, 'yan mata fiye da 20, ƙaramarsu 'yar shekara 11, suka koma makaranta suka tarar ana yawo da hotunansu tsirara a zaurukan waya. Ba wadda ta taɓa ɗaukar irin wannan hoto. Hotunansu ne na yau da kullum, sanye da tufafi, wasu samarin garin suka kwaso daga shafukansu suka saka a manhajar da ke tuɓe mutum. A Yulin 2024 kotun yara ta yanke wa 15 daga cikinsu hukuncin shekara guda ƙarƙashin sa ido. Yanzu a sauko da wannan unguwarmu, inda jita-jita kaɗai takan kashe baikon yarinya, inda wanda ya ga hoton ba lallai ya san na'ura na iya haɗa shi ba. Wa zai bi gida-gida yana rantsuwa cewa ƙarya ne?

Ko babu mugu a kusa, hoton da aka bari a fili ana kwashe shi. A 2024 ƙungiyar Human Rights Watch ta duba wani ɗan yanki ƙanƙane na LAION-5B, rumbun hotuna sama da biliyan biyar da ake horar da manhajojin zane da shi. Ta samu hotunan yara 170 'yan Brazil, sannan 190 'yan Ostareliya, wasu har da cikakken suna da makaranta. Iyaye da makarantu ne suka ɗora da yawansu shekaru da suka wuce, da zuciya ɗaya. Ana iya cire hoto daga rumbu, amma manhajar da ta riga ta koya daga gare shi ba ta mantawa.

Doka ma ba ta bar wannan a sake ba. Sashe na 31 na Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ya ce wanda zai sarrafa bayanan yaro bisa yarda, sai ya samu yardar uwa ko uba ko mai riƙonsa. Makaranta da gidan ɗaukar hoto da mai shirya biki duk wannan ya hau kansu, kuma hukumar NDPC tana karɓar ƙorafi. A Nijar hukumar HAPDP ce ke wannan aiki.

Neman izinin na da yadda ake yin sa. "Hajiya, in sa hoton su?" bai isa ba, domin tambayoyi uku ne aka cure wuri guda: ɗaukar hoto, tura shi ga kamfanin manhaja, da yaɗa abin da ya fito. Uwa tana iya yarda da na farko ta ƙi sauran. A faɗa mata sunan manhajar, da inda za a ɗora, da waɗanda za su gani. Shirunta ba yarda ba ne. A wajenmu kunya takan hana mace musa wa malamar 'yarta ko yayar mijinta, sai ta ce "ba komai" alhali ranta bai so ba. A sauƙaƙa mata ƙin. In hoton taro ne, gida ɗaya ya ce a'a, to a yanke yaron daga hoton kafin a ɗora, ko a haƙura gaba ɗaya. Yaron da ya yi wayo shi ma a tambaye shi, a kuma nuna masa zanen kafin kowa ya gani.

Wanda ya samu izini, ya rage abin da yake bayarwa. A yanke kyalle da bajon makaranta da lambar gida da ta mota. A kashe izinin `Location` na kyamara. In manhaja ta nemi shiga hotuna, a ba ta zaɓaɓɓu kawai, kada a buɗe mata rumbun waya duka. A ChatGPT, a shiga `Settings`, sannan `Data Controls`, a kashe `Improve the model for everyone` kafin a ɗora komai. Manhajar da ba ta faɗi sunan kamfaninta ba, ko ta nemi lambobin waya da saƙonni don kawai ta yi zane, ko aka turo ta a matsayin fayil ɗin `APK` ta WhatsApp, a goge ta nan take.

In kuwa an riga an yi, a sauke zanen da na asalin yau, a goge hoton a cikin manhajar, a rubuta wa kamfanin a nemi ya share shi, a kuma gaya wa iyayen gaskiya don su sa ido. Idan har hoton batsa na jabu ya bayyana, kada a tura shi ga kowa, ko da niyyar nuna hujja ce, domin yaɗa irin wannan hoto na yaro laifi ne a ƙarƙashin Dokar Laifukan Intanet ta Najeriya ta 2015. A rubuta lambar wanda ya turo da sunan zauren da lokacin, a kai wa sashen 'yan sanda mai yaƙi da laifukan intanet ko hukumar NAPTIP. Akwai kuma `Take It Down`, hidimar kyauta ta cibiyar NCMEC da ke Amurka: tana ciro wa hoton wata lamba ta musamman a cikin wayar ba tare da hoton ya fita ba, Facebook da Instagram da TikTok su yi amfani da lambar su toshe shi. Ba ta iya shiga saƙonnin WhatsApp, don haka a can sai an bi shugabannin zaurukan ɗaya bayan ɗaya, a sa su goge, a kuma shaida wa yarinyar a gaban iyayenta cewa ba ita ta yi laifi ba.